Daga bakin akwati: taron dangi na cikin waya, mu sauko da shi kan takarda

Wannan karon ba maganar zubin asusu za mu yi ba, ko da yake kusan ita ce. Tun da aka san mun yi karatun yaƙi da jahilci, muna riƙe da kayen ƙungiya, dangi ba su barin mu mu huta. Duk lissafin da ya cuɗe a gida sai a ce a kai wa masu asusu. Haka aka yi mana bayan damina, aka miƙo mana waya da murya a ciki ta awa ɗaya da minti 50, aka ce mu fitar da wa ya ce zai ba da nawa, wa ya biya, wa ya rage.

Ga abin da ya faru. Ruwan watan Agusta ya ka da ɗakin tsohuwa da wani ɓangare na katangar babban gida. Magini ya duba ya ce aikin zai ci jikka 300, da kwano da katako da siminti na yaɓe da kuɗɗin hannunsa. Aka kira taron dangi a zaure. Saboda waɗanda ke Agadas da Kano da Damagaram, aka aje waya a tsakiyar tabarma tana ɗauka, wasunsu ma aka kira su suka yi magana ta wata wayar. Da aka tashi, wani yaronmu ɗan lakwal ya saurara sau ɗaya, ya tara duk adadin da kunnensa ya ji, ya ce an samu alkawarin sefa 410.500. Gida ya ɗauki murna, har ana cewa abin da ya yi saura a yi wa zaure ƙofar ƙarfe. Da muka zauna mu biyu da ma'ajiyar ƙungiyarmu muka bi muryar a natse, abin da ya tabbata sefa 237.500 ne. Ko kuɗɗin aikin bai kai ba. Ba wanda ya yi ƙarya, yaron ma bai ƙara ko dala ba. Taro ne kawai yake da maganganu iri-iri, ba dukansu ne alkawari ba.

Sau uku muka saurara, kuma kowane saurare da aikinsa. Na farko ba mu riƙe bik ba sam. Mun bar shi ya tafi tun daga addu'ar buɗewa har fatiha, muna tsinar shinkafa, don mu san inda maganar ta faro da inda ta ƙare. Wadda ta fara rubutu tun a sauraren farko za ta rubuta abin da za a rushe a gaba. Nan yaron ya fara faɗawa rami. A minti na 18 Kawu babba ya ce kowane magidanci ya ba da jikka 20, aka yi ta "to, to, madalla". Sai can a minti na 71, bayan an yi ta ja da baya, wani ya ce bana hatsi bai yi ba a gonakin arewa, shugaban taro ya ce: "To a bar shi jikka 15, kowa ya yarda?" aka amsa. Jikka 20 shawara ce, jikka 15 ita ce aka tsaida. Alamar da muke nema ita ce wurin da shugaba ya maimaita adadin da bakinsa, jama'a suka amsa, kuma ba a sake komawa kansa ba har aka tashi.

A saurare na biyu ne muka ɗauki kaye. Duk inda aka ambaci kuɗɗi ko buhu ko ranar biya, sai mu tsaida wayar, mu rubuta abu uku: mintin da wayar ke nunawa, wa ya yi maganar, da abin da ya ce da kalmominsa, ba da fassararmu ba. Mintin nan kar ku raina shi. Ranar da wani zai ce "ni ban ce haka ba", ba sai an sake jin awa biyu ba, za a ja muryar zuwa minti na 43 ya ji kansa. Kuma in ya zamana mu ne muka ji ba daidai ba, nan take za a gane a gyara.

Inda muka fi daɗewa shi ne kan ƙidayar kuɗɗin kanta. Ku kun sani, mu a nan da dala muke lissafi, dala ɗaya tamma biyar ce. In tsohuwa ta ce ɗari, sefa 500 take nufi. In ta ce ɗari biyu, jikka guda ke nan, sefa 1.000. A minti na 52 Inna ta ce: "Ni ba ni da ƙarhi, amma ga ɗari biyar tawa." Yaron ya rubuta 500 kamar yadda aka koya masa a lakwal. Ɗari biyar ta Inna sefa 2.500 ce, kuma a kunce take a bakin zanenta, ta miƙa ta a wurin. Da takardar ta fita da 500 a gaban sunanta, da an ci mata jikka biyu, an kuma bar ma'aji da kuɗɗin da ba su da suna. Sai kuma ƙanenmu na Kano da ya ce ta waya "na ba da dubu ashirin". Shi naira yake nufi, yaron ya tara ta cikin sefa kamar kuɗɗi ɗaya ne. Mu ba mu canza ta da ka ba, don canji yau daban gobe daban. Mun rubuta "naira dubu 20, a matsayin ƙari" a gefe, muka bar gurbin sefa ba komi, sai ranar da aka canza ta a rubuta abin da ya shigo hannu. Shi dai jikka 15 ɗinsa ta magidanci tana nan a kansa kamar kowa, don a minti na 74 an ce na nesa da na kusa duka ɗaya.

Kalmar "dubu" ma ku yi hattara da ita ko a bakin ƴan gida. Ɗiyar da ta yi lakwal in ta ce dubu biyu, jikka biyu take nufi. Tsohon ɗan kasuwa da ya saba da dala in ya ce dubu biyu, yana iya nufin dala dubu biyu, wato jikka goma. In kun ji ta a bakin wanda ba ku san da wace ƙidaya yake magana ba, ku tambaye shi. A takarda kuwa ƙidaya ɗaya tak muke amfani da ita, sefa da lamba, mu rubuta a saman shafi cewa duk adadin da ke nan sefa ne. Lokacin karantawa ga jama'a sai mu mayar da shi jikka da dala yadda kunne ya saba.

Bayan saurare na biyu mun samu layi 31 a kaye. Sai muka shiga tankaɗe. Abin da aka aza wa kowa daban, abin da mutum ya ƙara don kansa daban, sauran kuma da ba su nuna ba tukuna muka tura su bayan shafi.

Abin da aka aza shi ya fi sauƙi, amma ko shi sai da muka rage. Magidanta 12 ne a gidan, sai dai a minti na 80 an ce Baba ƙarami da ke kwance tun azumi a ɗauke masa. Saura 11, kowa jikka 15, ya kama sefa 165.000. Mata da ke gidajen aure su 9 ne, aka aza musu jikka biyar-biyar, aka ɗauke wa wadda ke takaba. Saura 8, sefa 40.000. An haɗa 205.000. Maganar ɗaukewar nan a hankali aka yi ta, ƙasa-ƙasa, saboda kunya, ga kukan yaro a kusa da wayar. Sai da muka sa abin kunne muka maimaita wurin sau huɗu. Irin wannan maganar ce ke ɓacewa, kuma in ta ɓace, sunan mai takaba ne zai fito cikin waɗanda ba su biya ba. Ku duba girman abin.

Ƙarin da mutum ya yi don kansa, nan akwai tarko guda da muke so kowa ta riƙe. Yayanmu na Agadas ya ce: "Ku rubuta mini jikka 25." To, 25 ɗin har da 15 da aka aza masa, ko bayan ita? Muryar ba ta faɗa ba, kuma ba aikinmu ba ne mu zaɓar masa. Muka kira shi, bayan gaisuwa muka ce: "Yaya, muna gyara takardar taro ne, 25 ɗin nan da ka ce, duka-duka ke nan ko ƙari ce a kan ta magidanta?" Ya ce duka-duka. Ashe ƙarinsa jikka 10 ce. Hajiya ta Damagaram ita ta sauƙaƙa mana, da bakinta ta ce "ban da biyar ɗina, na ƙara ashirin". Saboda haka ƙarin da ya tabbata shi ne jikka 10 ta Yaya, jikka 20 ta Hajiya, da 2.500 ta Inna, wadda ba a aza mata komi ba saboda shekaru. Ya kama 32.500. A haɗa da 205.000, shi ne 237.500 ɗin da muka faɗa muku.

Bayan shafi kuwa muka rubuta masa "ana jira". Akwai wanda ya ce in ya saida wake zai ƙara jikka 10. Wannan alkawari ne mai sharaɗi, mun rubuta shi da sharaɗinsa, ba mu tara shi ba. Akwai Goggo da ta ce ɗanta da ke Libiya zai ba da jikka 50. Allah sarki, uwa ce, tana son a ji sunan ɗanta a taro. Amma shi bai ji ba bai gani ba, bai ma san an yi taron ba. Ba a rubuta wa mutum bashi da bakin wani, ko da bakin uwarsa ne. Mun sa "a tuntuɓe shi", ba mu sa adadi a gaban sunansa ba. Nairar Kano ma nan take zaune. Sai buhun hatsi biyu da Kawu babba ya ce zai ba da don abincin ma'aikata. Wannan alkawari ne tsayayye, amma ba kuɗɗi ba ne, kuma ba ya cikin jikka 300 ta magini, don haka muka ba shi layinsa da sunan buhu, ba mu ƙiyasta shi da sefa ba. Wani taubashinmu kuma ya ce shi ya ɗauki kwanon rufi gaba ɗaya tun da mu ba mu da zuciya, zaure ya kwashe da dariya. Wannan ko yaron bai rubuta ba. Amma da a rubuce aka kawo mana maganar ba da murya ba, da ba mu san wasa ne ba, shi ya sa dariyar da ta biyo bayan magana ma abin saurare ce.

Yanzu kun ga inda 410.500 ta fito. An lissafta magidanta da jikka 20 maimakon 15, an sa waɗanda aka ɗauke wa, an ƙirga Yaya sau biyu, an tara naira da sefa, an ɗauki "in Allah ya sa na saida" da "ɗana zai ba da" kamar kuɗɗi a hannu. Kuskure ɗaya ne kawai ya ja lissafin ƙasa, shi ne na Inna.

Saura maganar wa ya biya. Nan murya ba ta isa shaida ita kaɗai, sai an gwama ta da abin da ke hannun ma'aji. A cikin wayar mun ji magidanta huɗu sun biya cif, jikka 60. Ɗaya ya ba da jikka 5 cikin 15. Mata biyar sun ce sun ba da, jikka 25. Ga 2.500 ta Inna. In aka tara ya kama 92.500. Muka tafi wurin ma'ajin dangi, ya zazzage jakar a gabanmu muka ƙirga tare, 87.500. Jikka biyar ba ta nan. Kafin zuciya ta fara zargi, muka koma mintocin matan nan biyar ɗaya bayan ɗaya. Huɗu an ji ma'aji ya amsa da "na karɓa". Ta biyar cewa ta yi: "Tawa na riga na ba da", ba wanda ya amsa. Da muka tambaye ta, ashe ƙanenta ta ba ya kawo, shi kuma yana jiran ya haɗa da tasa ya kai gaba ɗaya. Ba cuta a ciki. Amma a takarda ba mu sa mata "ta biya" ba, mun rubuta "ta ba ƙanenta, ba ta iso ma'aji ba". Ka'idar akwatinmu ce muka kai can: kuɗɗi ba su shigo ba sai wadda ke riƙe da su ta ƙirga ta ce sun shigo.

Takardar ƙarshe shafi ɗaya ce. A sama ranar taro da wurin, da abin da ake tarawa don shi, da jikka 300 da ake nema. Ƙarƙashi abin da aka tsaida cikin layi huɗu: 15.000 ga magidanci, 5.000 ga mace, an ɗauke wa mutum biyu, kuma mai aikowa daga nesa shi zai biya ladar aike don kuɗɗin su iso cif. Wannan na ƙarshen a minti na 96 aka faɗe shi, da mun bar shi da an yi ta samun 14.000 da wani abu ana gardama. Sa'an nan muka ja layi huɗu a tsaye: suna, abin da ke kansa, abin da ya biya, saura. Layin Yaya na Agadas ya zama 25.000, sifiri, 25.000. Na wanda ya ba da rabi-rabi ya zama 15.000, 5.000, 10.000. Na Hajiya 25.000, 5.000, 20.000. Wanda aka ɗauke wa ba mu sa masa sifiri ba, don sifiri kamar ƙin biya yake a ido. Mun rubuta "an ɗauke".

Kafin mu miƙa, akwai gwajin da ba mu tsallakewa, shi ne saurare na uku da lissafin baya. Abin da aka biya da abin da ya yi saura dole su haɗu su ba da jimlar alkawari. Saura a wurin magidanta: shida ba su fara ba, 90.000, da 10.000 ta mai rabi, 100.000. Mata huɗu, 20.000. Ƙarin Yaya da na Hajiya, 30.000. Duka 150.000. A haɗa da 87.500 da ke jaka, ya ba da 237.500 daidai. In bai haɗu ba, ko an tsallake suna ko an ƙirga wani sau biyu, a koma layi-layi. A ƙasan shafin muka rubuta abin da ba wanda ya so ji: ko kowa ya cika, aikin yana neman ƙarin 62.500.

Wa'adi ma sai da muka koma wurin shugaba. A taro cewa aka yi "bayan kaka". Bayan kaka ba rana ba ce, wani zai kai ta har bazara, ga magini yana son ya buga tubali da sanyi tun ƙasa tana bushewa da kyau. Mu ba mu ƙaga rana ba. Mun ce: "Kawu, takarda tana son rana, wace za mu sa?" Ya shawarci ƙannensa biyu suka ce ƙarshen Nuwamba, muka rubuta cewa shugaba ne ya tsaida ta bayan taro. Tara kuwa ba mu sa ba. A asusu wadda ta makara da zubi ta san tararta, don mun yarda da ita tun ranar kafa doka. Dangi ba su yi maganar tara ba, ba za mu shigo musu da ita ta bayan gida ba.

Akwai kuma abin da muka ji muka bari cikin wayar. Kusan minti 20 na taron rigimar gonar gado ce, da gorin wanda bai zo jana'iza ba bara. Ko kalma ɗaya ba ta hau takarda ba, ba kuɗɗin ɗaki ba ce. Saboda ita ne ma muka roƙi kar a yi ta tura muryar daga waya zuwa waya. An kwafe ta a katin waya guda, yana wurin shugaba, sai in gardama ta taso.

Yadda takardar za ta fita shi ma sai an yi dubara, don sunan mutum da "saura" a gabansa abu ne mai nauyi a cikin dangi. Kalmar bashi ba mu rubuta ta ko'ina ba. Shugaba da ma'aji suka fara ji, muka karanta musu layi-layi suka yarda. Sa'an nan kowane mutum aka aika masa nasa layin shi kaɗai, waɗanda ba su karatu da saƙon murya, aka ce in akwai gyara ya faɗa cikin kwana uku. Mutum ɗaya ya gyara mana: ya ce shi da ɗan'uwansa tukunya ɗaya suke ci, a ɗauke su magidanci ɗaya. Wannan ba mu da ikon yanke shi, muka mayar wa Kawu, ya ce kowa da iyalinsa, layi biyu ya tsaya. Bayan kwana ukun ne cikakkiyar takarda ta tafi ga kowa.

A taro mai zuwa, wanda za a yi don neman 62.500 ɗin nan, mun roƙi abu biyu. A sanar tun farko cewa waya tana ɗauka, a kuma aje ta kusa da shugaba, nesa da ƙofar da yara ke shige da fice. Duk wanda ya yi alkawari, shugaba ya maimaita sunansa da adadin da jikka, ya tambaye shi har da ta kansa ko ban da ita, ma'aji kuma in ya karɓa ya ce "na karɓa" da ƙarfi. Kawu ya ce za a yi, in dai mu za mu zauna kusa da shi da kayenmu.